Fandeshon mai ja ko mai rawaya: wanne ya dace da baƙar fata?

"Don Allah 'yan uwa, ni baƙa ce sosai. Na sayi fandeshon biyu a Sabon Gari, ɗaya ya mai da fuskata toka-toka, ɗayan kuma ja kamar manja. Wanne zan riƙe?"

'Yar uwa, mai yiwuwa duka biyun duhunsu ya yi miki daidai, launin da ke kwance a ƙarƙashin fatarki ne suka kuskure. Mata biyu za su zo ɗaya a duhu, amma ɗaya fatarta ta karkata ga ja irin na goro, ɗayar ga rawaya irin ta zuma.

Da launi huɗu ake haɗa yawancin fandeshon: fari, rawaya, ja da baƙi. Wanda ya yi miki toka, farin ya yi yawa a cikinsa, ko kuma an zuba baƙi kawai a kan haɗin masu hasken fata don ya yi duhu. A hoton biki ma ya fi tona asiri, da hasken kyamara ya faɗa masa sai fuska ta yi fari fat, wuya yana baƙi. Wannan ba ya gyaruwa cikin sauƙi, ni dai da ni ce zan ajiye shi. Mai jan kuwa yana da magani. Ɗiga uku nasa, ɗiga ɗaya na mai rawaya mai irin duhunsa, ki gauraya a bayan hannu, jan zai kwanta.

Matsalar daga kamfanoni take. Da yawa sukan yi kala goma na masu haske, su bar mana biyu ko uku, su ma duk masu ja, kamar baƙar fata iri ɗaya ce. Bayan Fenty Beauty ya fito da kala 40 a 2017 ne wasu suka faɗaɗa nasu, kuma har yanzu mai shago yakan saro masu hasken ne don sun fi tafiya. Wannan abu yana ci mini rai.

In za ki sake saye, duba haruffan jikin kwalba. A na kamfanin MAC, NW ya karkata ga ja, NC ga rawaya, don haka NW45 da NC45 ba abu ɗaya ba ne. Kada ki gwada a cikin hannu, ya fi fuska haske, balle mu masu hijabi da rana ke dukan goshi da kumatu kaɗai. Ki ja layi uku na kala daban-daban a muƙamuƙi, ki fito daga fitilar shago zuwa hasken rana, ki jira minti 15, domin wani yana ƙara duhu da ja in ya haɗu da maiƙon fuska, musamman a zafin bazara. Layin da kika neme shi a madubi kika rasa, shi za ki biya kuɗinsa.