Manhajar kwatanta farashi: canjin kuɗi lafiya lau, awon tan ya ɓata komai

Manhajar nan da ake zuba wa takardun farashin 'yan kasuwar waje ta jera su a kuɗi ɗaya, a ɓangaren canji ba ni da ta cewa. Tana juya yuro zuwa dala nan take, tana kuma nuna lokacin da ta ɗauko farashin canjin. Har na yi niyyar ba ta tauraro huɗu.

Matsalar tana wajen awo, kuma ba ƙarama ba ce. Duk inda ta ga an rubuta ton, sai ta ɗauke shi kilo 1,000 ba tare da tambaya ba. Alhali tan iri uku ne: na awon kilo shi ne 1,000, wanda ake yawan rubuta wa MT, na Amurka da ake rubuta wa short ton kilo 907 ne da 'yan kai, tsohon na Birtaniya kuwa 1,016.

Ga yadda ta yi da takardu biyu na kaya iri ɗaya. Mai kaya na Amurka ya sa dala 520 a tan, na Turai ya sa yuro 500. A kan canjin dala 1.10 duk yuro ɗaya, na Turai ya koma dala 550, sai manhajar ta nuna na Amurka ya fi sauƙi da dala 30. Ba haka ba ne. Tan ɗinsa gajere ne, dole a raba 520 da 0.907 kafin a san kuɗin kilo 1,000, abin da ke fitowa kuwa wajen dala 573 ne. Wato shi ne mai tsada, da dala 23 a kowane tan. Wanda zai sayi tan 20 ya yi asarar sama da dala 460 yana ganin ya yi ciniki. Wannan ya ɓata mini rai matuƙa, domin don irin wannan lissafin aka sauke ta.

Gane tarkon ba wuya. A duba ƙasan takardar, in an ga 2,000 lb a gefen tan, gajere ne. In ba a rubuta komai ba, a sa mai kaya ya faɗi nauyin da kilo a rubuce, sannan a mayar da kowane farashi zuwa kuɗin kilo ɗaya.

Da na sake dubawa ma, canjin da na yaba yana da nasa aibin. Farashin tsakiya take bayarwa, wanda ke tsakanin saye da sayarwa, banki kuwa ba ya sayar wa kowa a haka, sai ya ɗora nasa. Babu gurbin da mutum zai saka farashin bankinsa da hannu. Tauraro biyu na ba ta, har sai ranar da ta fara tambayar wane tan ake nufi.