Rage ƙiba, motsa jiki ko rage giya: wanne ya fi sauke hawan jini?

"An auna ni 150/95. Tsakanin rage ƙiba, motsa jiki da rage shan giya, wanne ya fi sauke hawan jini, kuma da maki nawa?"

Ɗan'uwa, ga mai hawan jini da ya saba da zaman wuri ɗaya, motsa jiki ne kan gaba. Tafiya da sauri, keke ko ninƙaya na minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar, kan sauke lambar sama, wato 150 ɗin nan taka, da maki 5 zuwa 8 cikin wata biyu zuwa uku, ko da nauyinka bai motsa ba. Wanda jininsa lafiya lau, maki 2 zuwa 4 kawai yake samu. Amma saurin sai ya kai inda za ka iya magana, ba ka iya rera waƙa ba. Ka daina kuwa, cikin 'yan makonni jinin zai koma inda yake.

Lissafin ƙiba ya fi sauƙi: kowane kilo ɗaya da ya zube, kusan maki ɗaya ne a sama, ƙasa da ɗaya kaɗan a lambar ƙasa. Kilo 5 ke nan wajen maki 4 zuwa 5. Wahalarsa ita ce riƙewa, domin idan kilon ya dawo, jinin ma biyo shi yake yi.

A wajen giya ne mutane suka fi ruɗuwa, saboda amfanin ya danganta da yawan abin da ake sha tun farko. Wani nazari na 2017 da ya tattara gwaje-gwaje da dama ya nuna cewa mai shan giya kofi biyu ko ƙasa da haka a rana bai ga wani sauyi na a-zo-a-gani ba da ya rage. Mai shan shida ko fiye, da ya rage rabi, ya samu kusan maki 5.5 a sama, 4 a ƙasa. Ina roƙon mai sha da yawa kullum kada ya yanke lokaci guda ba tare da likita ba. Rawar jiki, gumi da farfaɗiya na iya biyo baya, jinin ma ya hau.

Mu ɗauka nauyinka kilo 95 ne, kana shan giya kofi huɗu a rana. Ka zubar da kilo 5, ka riƙe tafiya, ka koma kofi ɗaya. A takarda 5 da 6 da 4 sun ba da 15, amma amfanonin suna shiga juna, don haka ka sa rai da wajen maki 10. Za ka tsaya kusa da 140/89, a bakin iyaka, kwatankwacin aikin maganin hawan jini guda ɗaya. Idan an ɗora ka kan magani, ka ci gaba da shan maganin har likita ya rage da kansa.

Wajen tantancewa, ka auna safe da yamma na kwana bakwai kana zaune, bayan hutun minti biyar, ka ɗauki matsakaici. Kada ka auna da ka gama motsa jiki, don jini kan sauka na wasu sa'o'i ya nuna maka lambar da ba taka ba.