Sharhi: ThinkPad X230 bayan na sa mata coreboot

Ina aiki da ThinkPad X230, ƙirar 2012, wadda na cire mata BIOS na kamfani, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta, na sa coreboot, buɗaɗɗiyar manhaja mai yin wannan aikin, kuma in da za a sake ba ni zaɓi, zan sake yi. Amma ba kowa zan ba shawarar ya bi ni ba.

Aikin sai an kwance kwamfutar. Manhajar da ke tayar da ita tana zaune ne a cif guda biyu, mai 8MB da mai 4MB, a ƙarƙashin inda ake ɗora tafin hannu. Na maƙala musu 'yar na'urar CH341A, na karanta kowanne sau biyu da `flashrom`, na gwada kwafin biyu. In ba su zo daidai ba, maƙalin bai zauna ba, kada ka rubuta komai. A auna wuta kuma: wasu CH341A suna tura bolt 5, alhali cif ɗin 3.3 yake ɗauka.

Me na samu? Tana tashi da sauri, kuma duk katin Wi-Fi da na ga dama nake sawa, don coreboot ba shi da jerin katunan da aka yarje wa. Na kuma rage ƙarfin Intel ME, wata manhajar Intel da ke aiki a ɓoye cikin kwamfutar, da `me_cleaner`. Sai dai manhajar da ke kula da batir da maɓallai har yanzu ta kamfani ce.

Wannan ya yiwu ne don X230 ta riga Intel Boot Guard, tsarin kariya da ya zo a 2013. A kwamfutar da aka kunna shi, kamfani ya ƙona shaidar makullinsa a cikin cif ɗin Intel tun daga masana'anta, ba ta gogewa. Duk manhajar da ba ta ɗauke da sa hannunsa, kwamfutar ba za ta tashi da ita ba, ko da kai ne mai ita, da rasit ɗinka a hannu.

Kariyar gaskiya ce, ban raina ta ba. Abin da na yi wa tawa, duk wanda ya keɓe da ita da sukudireba zai iya yi, ya dasa abin da sake zuba Windows ko Linux ba zai wanke ba. Boot Guard na tare wannan. Inda yake ba ni haushi shi ne ranar da kamfani ya daina fitar da gyara: ba ka da ikon gyarawa, wani ma ba shi da shi. Kuma da makullan kamfanin kwamfuta na MSI suka fita a kutsen da aka yi masa a 2023, ba a iya canza wanda aka riga aka ƙona ba.

Mai yawo da bayanan ofis ko na kuɗi, ya zauna da Boot Guard muddin gyara na zuwa. Mai sayen ta hannu don ya sa coreboot kuwa, ya duba jerin kwamfutocin da coreboot ke ɗauka kafin ya biya, kuma ya san X230 ba ta wuce 16GB na RAM.