Kiran kamfanin China: lokacinsu ko namu?

"'Yan uwa, zan yi kiran bidiyo da kamfanin da nake son sayen injinan liƙe leda a wajensu a Guangzhou. In ba su lokacin aikinsu ne ko da ni ban fito ba, ko in ce su kira ni da rana lokacin da nake ofis?"

Ɗan uwa, ba su nasu lokacin. Na gwada duka biyun.

Fara da lissafin agogo. China tana GMT+8, mu muna GMT+1, kuma daga mu har su babu mai canja agogo a shekara, saboda haka kullum sun riga mu da awa 7. Ƙarfe 9 na safensu ƙarfe 2 na darenmu ne, kar ka soma cewa za ka tashi domin wannan. Daga 12 zuwa wajen 1:30 ko 2 suna hutun rana, da yawansu har barci suke yi. Abin da ya rage maka shi ne daga 2 na ranarsu zuwa wajen 5:30 na yamma, wato 7 zuwa 10:30 na safenmu. Ni farkon wannan tsakanin nake ɗauka, 7 ko 7:30, domin idan magana ta taso akwai sauran awa uku da za su bi ta kafin su tashi.

Ga abin da ya sa na kafe a kan haka. Na taɓa yin odar injina 40, aka turo hotuna komai ya yi kyau. Na sa kira ƙarfe 7 na safenmu ranar wata Talata, ko wanka ban yi ba. Yarinyar da ke kula da odata tana ofis, na ce ta sauka da wayar inda ake haɗa kayan. Tana haska bayan inji na ga fulogi mai baki biyu, alhali mai baki uku muka yi magana. Nan take ta ɗaga murya ta kira shugaban sashen, ya zo yana goge hannu da tsumma, ya duba takardar oda, ya ce kuskuren nasu ne, kuma 12 kawai aka riga aka sa a kwali. Kafin in fita daga gida an turo mini hoton wanda aka gyara. Da sai kayan sun iso zan gani, bayan sun shafe makonni a teku.

Kiran lokacinmu kuwa, za su ɗauka, ba su cika ƙi ba. Amma ƙarfe 2 na ranarmu 9 na darensu ne, mai tallan ce kaɗai za ka samu tana gida, duk abin da ka tambaya amsarta ɗaya, "zan tambaya gobe", kwana guda ya tafi ke nan.

Wajen tura saƙon, kar ka ce "gobe da safe", don safen wa? Rubuta rana da lokaci da agogonsu, da lissafin awa 24, kamar haka:

```
Tue 14:30 or Wed 15:00, Beijing time (GMT+8)
```

Zaɓi biyu ya isa. Ka faɗi wanda kake son ya kasance a wurin, injiniya ne ko mai kula da lodi, da abin da za a nuna maka, don su shirya. Ka yi ta WeChat, manhajar hira da kira da suke amfani da ita, don WhatsApp a toshe yake a can, sai da dabara suke shiga, shi ya sa kiran yake yawan yankewa. Ka kuma duba kalanda: daga 1 zuwa 7 ga Oktoba suna hutun ƙasa, sabuwar shekararsu kuma, wadda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, masana'antu kan yi makonni a rufe.

Wani abu da ba ka tambaya ba. Akwai dillalai da ke shiga rigar masana'anta, kuma lokacin kira yana tona su. Wanda kullum a shirye yake ya yi hira da kai da tsakar darensa, amma da ka ce a yi bidiyo ƙarfe 3 na ranarsu a cikin masana'anta sai uzuri ya taso, yau babu sabis, gobe manaja ya hana, ka ja baya da kuɗinka. Haka nan idan imel ya zo cewa sun canja asusun banki, kar ka tura ko sisi sai ka ga fuskar wanda ka saba da shi a bidiyo, a ofis, ya karanta maka lambar da bakinsa.

Ka sa Talata ko Laraba, 7:30 na safenmu, ka kwana da takardar odarka a kusa.