Reza, injin aski ko man cire gashi: wanne ya dace da mai ƙurajen aski?

Ƙurajen da ke fesowa a ƙasan haɓa kwana 2 ko 3 bayan aski, galibi ba datti ke kawo su ba. Gashin gemunmu murɗaɗɗe ne. Idan aka yanke shi daf da fata, bakinsa yakan yi tsini, ya lanƙwaso yana tsirowa ya soki fata, ko ma ya kasa fitowa ya bi ta ƙarƙashinta. Jiki sai ya ɗauke shi baƙon abu, wurin ya kumbura, daga baya ya bar baƙin tabo. Saboda haka abin tambaya kafin sayen kayan aski shi ne: a ina yake yanke gashin, kuma wane irin baki yake bar masa?

Reza ce ta fi sa fuska santsi, ita ce kuma ta fi kawo matsala, musamman mai baki 3 ko 5. Bakin farko yana jawo gashi sama, na bayansa ya datse, sauran ya koma ƙasan fata. Wanda dole sai reza, ya sayi mai baki ɗaya. Ya jiƙa gemu da ruwan ɗumi kamar minti 5, ya sa kumfa, ya bi inda gashi ya kwanta, sau ɗaya a kowane wuri, kada ya ja fatar ta miƙe. A wuya gashi yakan kwanta a karkace, sai an shafa da yatsa a gane. Reza ta fara jan gashi, a yar. Askar wanzami ma tana sa gashi ya koma ƙasan fata, don yana ɗame fata ne kafin ya kankare. Kuma a tabbata an sa sabuwar reza a gabanka.

Injin aski yana barin gashi kamar rabin milimita zuwa 1, tsawon da bai isa ya lanƙwaso ya shiga fata ba. Fuska ba za ta yi sulɓi ba, amma daga nesa kaɗan a aske take. A ganinmu shi ya fi wa yawancin masu ƙuraje. Idan ka shiga babbar kasuwar Maradi, nemi mai ƙaramin hannu a gefe na ƙara ko rage tsayin yanka, kuma mai batir, saboda ɗaukewar wuta. Ka ce a kunna maka. Haƙoran da ke motsi su kasance bayan na tsaye kaɗan. Idan sun yi daidai da su ko sun zarce, za su ciji fata, musamman a ƙeya. Masu shagon aski kan matso da su haka da gangan don fitar da layi, shi ya sa wasu ke samun ƙuraje ko da inji. Bayan kowane aski a kaɗe gashi da buroshi, a goge haƙoran da alkol, a ɗiga mai ɗigo 2 ko 3, don ƙurar hunturu tana saurin dakushe su.

Man cire gashi, da hodarsa da ake kwaɓawa da ruwa, narkar da gashi suke yi, sai bakinsa ya zama dakusasshe. Ana samun santsi kusa da na reza ba tare da tsini ba. Sai dai magani ne mai zafi, yana iya ƙona fata. A sayi wanda aka rubuta na fuska ne, ban da na ƙafa ko hamata, a duba ranar lalacewarsa. A gwada a ɗan wuri a jira awa 24. Mintunan da ke jikin kwali, galibi 5 zuwa 7, kada a wuce su ko gashi bai fita duka ba. Ana jin raɗaɗi a wanke nan take da ruwa mai yawa. Ba a shafa shi kan ƙuraje, ko fatar da reza ta bi jiya, ko fuskar da ke jiƙe da gumin Afrilu. A bar kwana 3 tsakanin shafawa.

A ɗauki magidancin da ke kankare gemu da reza duk Juma'a, wuyansa cike da ƙuraje. Ko me zai saya, sai ya fara ajiye reza na mako 3 zuwa 4, gashin da ya maƙale ya yi tsawo ya zaro kansa. Kada ya tsige shi, domin sabon da zai tsiro daga ciki zai soki fata. Daga nan ya koma inji a milimita 1, sau 2 a mako. In wurin aikinsa na buƙatar fuska tas, sai ya gwada man cire gashi bayan fatar ta warke sarai. Ƙurajen da suka yi mugunya, ko tabon da ke tasowa da tauri a ƙeya, sun wuce canjin kayan aski, likitan fata za a nuna wa.