Kati, waya ko littafi: wanne za ka saya don gwada kanka kafin jarrabawa?

Dabarar ita ce ka rufe littafin karatu, ka ɗauki batu ɗaya, ka rubuta shi a sakin layi guda kamar kana yi wa ƙanwarka 'yar aji shida bayani. Duk inda biro ya cije, nan ne ba ka gane ba. Sai dai abin da kake rubutun a kai yana iya ɓoye maka inda ba ka gane ba, don haka kafin ka gangara kasuwar Taminus ta Jos sayayya, ka san abin da kake nema.

Ƙananan katuna suna da daɗin ɗauka, a cikin Keke ma ka duba su. Matsalarsu fili. Ɗauki osmosis a bayoloji. A kati za ka rubuta "gishiri yana jawo ruwa daga dankali", wuri ya cika, ka ji kamar ka iya. Ƙanwarka kuwa za ta ce, to yaya, me ya sa ruwan ne ya fito? Amsar tana buƙatar layi biyar ko shida: kowace ƙwayar halittar dankalin tana da siririn tantani da ruwa ke ratsawa cikin sauƙi, gishiri kuma ba ya samun hanya haka, sai ruwa ya bar ɓangaren da narkakken abu ya yi kaɗan ya koma inda narkakken abun ya fi yawa. Wanda bai ambaci tantanin nan ba bai bambanta osmosis da difushan ba, kuma kati ba zai nuna masa ba. Kati na haddar ma'ana ne da shekaru.

Waya ba sai ka kashe ko sisi ba, amma bincike yana kusa da yatsa, da ka cije za ka leƙa. In dole ita ce, kashe data ka naɗi muryarka, ka saurari inda ka fara "wato, kamar dai, ka gane ai".

Ni dai littafin rubutu mai ganye 60 nake ba da shawara, da biro biyu, shuɗi da ja. Shafin hagu na bayaninka ne, da shuɗi, ba leƙe. Ka ja layi ƙarƙashin duk kalmar da ka ara daga malami ba ka iya fassara ta ba. Sannan ka buɗe littafin karatu, ka rubuta abin da ya ɓace a shafin dama da ja. Bayan kwana biyu ka sake batun a sabon shafi. Kada ka sayi mai kauri ɗaya ka cusa duk darussa, kowane darasi da nasa.

Abu ɗaya: da Turanci ake amsa bayoloji a WAEC. In ka yi bayanin da Hausa, ka bar layi uku a ƙasa ka mayar da shi Turanci da kalmomin da mai maki ke nema.