Gashin kazar obin a cikin eyafiraya: abin da na gani bayan na saba da ita

Eyafirayata, wato na'urar lantarki mai gasa abinci da iska mai zafi, mai cin lita 5 ce, irin mai kwando da ake jawowa, tana jan wuta wat 1500, kuma zafinta yana tsayawa a digiri 200. Na saye ta ne saboda abu ɗaya, wato gashin kaza. Ina da wani tsarin gashi da na daɗe ina yi a obin ɗin gas, mutanen gidan sun saba da shi, ina son in ga ko zai fito yadda yake ba tare da na kunna obin ya cika mini kicin da zafi ba. Ya fito, har fatar ta fi ta obin ƙamshi da ƙarau-ƙarau, amma sai da aka taɓa zafi da lokaci duka biyun.

Ga yadda tsarin yake a obin. Cinyoyin kazar gidan gona guda takwas da ƙashinsu da fatarsu, kusan kilo ɗaya da ɗan ɗori. A cuɗa su da citta, tafarnuwa, masoro, kori, tayim, gishiri, dunƙule, ruwan lemon tsami da man gyaɗa, su kwana a firji. Washegari a jera a tire, digiri 200, minti 45. A ƙarshe a shafa zuma da yaji.

Shawarar da aka fi bayarwa idan za a mayar da gashin obin cikin eyafiraya ita ce a rage zafi da digiri 20, a kuma rage kashi ɗaya cikin biyar na lokacin. Idan aka bi wannan lissafi, digiri 200 ya koma 180, minti 45 ya koma 36. Wajen zafi lissafin ya yi daidai. Wajen lokaci kuwa bai yi ba, domin a tawa cinyoyin suna nuna ne tsakanin minti 25 zuwa 28. Wanda ya saka minti 36 ya tafi harkarsa zai dawo ya tarar da fata ta yi baƙi, tsoka ta janye daga jikin ƙashi ta bushe. Saboda haka nake ɗaukar wannan lissafi a matsayin iyakar da ba za a wuce ba, dubawa kuma tun daga rabin lokacin obin nake farawa.

Dalilin yana cikin ginin na'urar. Idan aka zare kwandon aka leƙa sama, za a ga ƙarfen da ke ɗaukar zafi a naɗe, da fanka a bayansa. Tsakanin ƙarfen nan da fatar kaza bai wuce tsawon yatsa ba. A obin, iska mai zafi a tsaye take kusan, tana ratsa nama a hankali. Nan kuwa fanka ce ke hura ta da ƙarfi a kan naman, tana kwashe danshin da ke samansa nan take, kamar yadda iskar hunturu ke busar da shanya kafin a ankara. Shi ya sa bayan naman ke yin ja da wuri. Amma zafi ba ya shiga tsakiyar cinya da irin wannan saurin, sai ya bi tsoka sannu a hankali har ya isa ƙashi. Idan aka bar ta a digiri 200 tun daga farko, waje zai ƙone ciki da saura. Rage zafin da ake yi, don a ba cikin dama ya kamo wajen ne.

Yadda nake yi yanzu ke nan. Ina fito da kazar daga firji, in tsane kowane yanki da tishu na kicin har fatar ta daina sheƙin ruwa. Wannan tsanewar tana da muhimmanci, don fata mai ruwa turara take yi, ba ta gasuwa. In share guntayen citta da tafarnuwa da suka manne a jiki, saboda su ne farkon ƙonewa, kuma ɗacinsu yana kama naman. Mai cokali ɗaya ya ishi duka, fatar kazar gidan gona tana da nata kitsen. In kunna na'urar babu komai a ciki na minti 3, sannan in jera cinyoyi huɗu, fata tana kallon ƙasa, da ɗan fili tsakaninsu. Digiri 180, minti 12. In juya su fata ta dawo sama, in ƙara minti 10. A nan nake aunawa. Idan sun kusa, sai in ɗaga zafi zuwa 200 na minti 3 ko 4, a lokacin ne fatar ke kumbura tana ƙananan ƙuraje, kitse yana tsartsatsi a kanta. In fitar, in bar su su huta minti 5 kafin a taɓa, ruwan cikin ya koma ya zauna.

Maganar aunawa, duk mai son sayen wannan na'ura ina ba shi shawarar ya haɗa da ma'aunin zafin nama, ɗan tsinken ƙarfen nan mai allo a kai. Kaza ta nuna, babu sauran fargaba a cinta, idan tsakiyarta ya kai digiri 74. Ana soka tsinken ne a wurin da ya fi kauri, ba tare da ya taɓa ƙashi ba. Cinya ma na fi son ta kai 80 zuwa 85, don a nan ne jijiyoyinta ke saki, naman ya rabu da ƙashi cikin sauƙi, kuma ba ta bushewa saboda kitsenta. Ko a obin launi kaɗai ba abin dogaro ba ne, duk da cewa a can waje da ciki sun fi tafiya tare. A eyafiraya launi yana yaudara: cinya tana iya yin ja mai kyau a minti 15 alhali jikin ƙashi ɗanye ne. Wanda ba shi da ma'auni ya tsaga mafi girman yanki har ƙashi, ya duba. Idan tsokar tana santsi tana sheƙi, ruwan da ke fitowa yana da jaja-jaja, a mayar. Amma ɗan duhu-duhu a jikin ƙashi kansa ba kullum yake nuna ɗanye ba, musamman a ƙaramar kazar da ta kwana a firiza, ɓargo ne ke tsatsowa ya rina wurin.

Zuma da yaji su ne suka fi buƙatar a canza musu lokaci. A obin ina shafa zumar saura minti goma. A nan minti goma ya yi yawa ƙwarai, zuma da sukari suna ƙonewa da wuri a gaban ƙarfen. Saura minti 2 nake shafawa. Yajin ƙuli kuwa ba na saka shi ciki sam. Garin ƙuli yana ƙonewa ya yi ɗaci, fankar kuma tana kwashe busasshen gari ta watsa shi sama ya manne a ƙarfen, sai hayaƙi. Bayan an fitar, naman yana da zafi da maiƙo, sai a barbaɗa, yana kamawa da kansa.

Ba duk sassan kaza ke bin lissafi ɗaya ba. Tsokar ƙirji marar ƙashi ba ta da kitsen da zai kare ta, minti 12 zuwa 15 a digiri 180 ya ishe ta gwargwadon kaurinta, kuma da ta taɓa 74 a fitar, don minti biyu na ƙari yana mayar da ita kamar igiya. Ina ɗan bubbuga gefen da ya fi kauri ya daidaita da ɗayan. Fukafukai kuwa ba sa buƙatar a rage musu zafi sosai, sirara ne, fata ta fi yawa, digiri 190 zuwa 200 na kusan minti 20 tare da girgiza kwandon a tsakiya. Kada a haɗa ƙirji da cinya a zubi ɗaya, sai dai in za a riga fitar da ƙirjin.

Kazar Hausa daban take, kuma ɗan littafin da ya zo da na'urar bai san da ita ba. Namanta yana da tauri, kitsenta kaɗan ne, busasshiyar iska ba za ta tausasa ta ba ko an rage zafi. Sai an sulala ta da kayan ƙamshi a tukunya har ta yi laushi, a tsane, a shafa mata mai sosai, sannan a ba ta minti 8 zuwa 10 a digiri 200 don ta yi ja kawai. A haka tana fitowa kusa da soyayya, da mai kaɗan, ga romo ya rage na miya.

A lura da wani abu kafin a rage zafi. Idan tsarin da ake bi an rubuta shi ne don obin mai fanka, to an riga an rage digiri 20 ɗin, ba sai an sake ba, lokaci kawai za a taɓa. Idan kuma an ga 400°F a rubuce, shi ne kusan 200°C, 350°F kuma kusan 180°C.

Yanzu ga inda ban gamsu ba. Kwandon cinya huɗu yake ɗauka a shimfiɗe, biyar in ƙanana ne. Idan aka tara su kan juna, inda suka haɗu yana zama fari da laushi, iska ba ta isa wurin. Ke nan cinyoyi takwas sai zubi biyu, kusan minti 55 gaba ɗaya, ko da yake zubi na biyu yana riga na farko da minti biyu ko uku saboda na'urar ta riga ta yi zafi. Obin da ke cinye su a tashi ɗaya, in an haɗa da lokacin ɗumama shi, kusan awa ɗaya ne. To ina saurin da ake ta faɗa? Saurin na mai dafa wa mutum biyu ko uku ne. Ranar Sallah ko ranar baƙi, obin nake komawa.

Sai hayaƙi. Kitsen cinya yana ɗiga ƙasan kwandon, a zubi na biyu ya fara farin hayaƙi mai ƙauri. Ina juye kitsen tsakanin zubi da zubi, ko in zuba ruwa cokali biyu a ƙasa. Takardar shimfiɗa ba na saka ta sai da nama a kanta, don fanka tana iya ɗaga ta ta manna wa ƙarfen ta kama wuta.

Matsalar da ta fi damuna ita ce ta lantarki. Ranar da wuta ta zo ba ƙarfi, allon yana nuna 180 amma ƙarfen yana jan lokaci kafin ya kai, duk lokacin da aka buɗe kwandon kuma sai ya daɗe bai farfaɗo ba. Ana ganewa daga ƙarar fanka da ta yi sanyi, da fatar da har minti 12 ba ta fara canza launi ba. A irin wannan rana minti 25 yana iya komawa 35, agogo ba ya da amfani sai ma'auni. Ƙaramin janareta ba ya ɗaukar wat 1500. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar gashi, ba a barin kaza rabin nuna tana jiran a dawo da ita, a juye a tukunya a ƙarasa a kan gas nan take.

Ga ƙaramin gida mai samun wuta ko sola mai ƙarfi, kuɗinta bai tafi a banza ba, kuma cinyar da take fitarwa ta fi ta obin ɗina kyan fata. Mai iyali da yawa ya nemi babba mai hawa-hawa, ko ya riƙe obin ɗinsa. Kowace na'ura kuma da nata ƙarfin, don haka ranar farko a gasa cinya biyu kawai, a auna a minti 20, a rubuta lokacin da suka kai 80 a gefen tsohon tsarin.